Shafin Rumbu da Na Tsallake

Ni ba tafinta ba ce. Aikina a kamfanin casar shinkafar da ke kan hanyar Gezawa shi ne auna danshi. Mota ta shigo da shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, in soka buhu, in zuba a na'ura, in rubuta abin da ta nuna. Wata bakwai ina wannan, ba ruwana da kowa. Ranar da abin ya faro, mai kula da sito ne ya tafi ta'aziyya Minjibir, shi ne kuwa yake fassara wa Injiniya jawabinsa duk sanda aka ɗauki sababbin ma'aikata. Aka duba, aka ce ai ga wadda ta gama sakandare. Aka kira ni.

Injiniya mutumin Kudu ne, dogo, ba shi da yawan fara'a. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Yana riƙe da takarda shafi huɗu da ta sha hannu har gefenta ya yi baƙi. Ya ce da ni da Turanci zai karanta kaɗan ya tsaya, in faɗa musu da Hausa, kada in ƙara kada in rage. Na ce to. A raina ina tunanin motoci uku da ke jirana a bakin sikeli.

Sababbin sun kai ashirin, duk manoman ƙauyukanmu ne da suka gama girbin gero da gyaɗa suka zo neman aikin rani. An zaunar da su a kan benci a rumfar lodi. A layin gaba, da sabuwar hular kwano a kan gwiwarsa kamar ya riƙe ƙwarya, ga Baffa.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu shi ya riƙe mu, shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai na gama makaranta lokacin da wasu ke cewa firamare ta isa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da suna ba, sai Uwata. Mutum ne mai ban dariya, irin wanda in ya zauna a majalisa ba a tashi da wuri. Yana ganina kusa da Injiniya ya taɓa na kusa da shi.

"Kun ga uwata? Yau ita ce gwamnati."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Shafi na farko ya tafi lafiya. Hula a kai, takalmin aiki a ƙafa, takunkumi a hanci in za a shiga wajen ƙura. Ba a zuwa kusa da bel, wato igiyar robar da ke juya inji, da doguwar riga ko rawani, domin in ya kama gefen riga ba ya saki sai ya haɗa da mai rigar. Ba taba, ba ashana, ƙurar shinkafa tana kamawa da wuta. In an ji jiniya kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi gindin darbejiyar bakin ƙofa, a nan za a ƙirga mutane.

Shafi na biyu na jan maɓalli ne da kwaɗo. Injiniya ya nuna musu maɓallin, babba, ja, kamar murfin kwalba. Duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya danna, ko mai shara ne, ba wanda zai yi masa faɗa. Sannan ya ɗaga kwaɗo ya ce duk wanda zai sa hannu cikin inji, sai an kashe wuta, ya maƙala nasa kwaɗon a jikin makunnin, makullin yana aljihunsa. Ba a ba wa aboki riƙo. Na faɗa musu duka. Wani ya ce ko matarsa bai yi wa irin wannan tsaron ba. Aka sake dariya.

Rana ta fara zafi. Direbobin da ke jirana suka fara danna hon. Ɗaya ya zo har bakin rumfa yana nuna mini agogo.

Injiniya ya juya shafi na uku, ya nuna manyan tankunan ƙarfe biyu da ke bayan rumfar, inda ake tara shanshera kafin a tura ta wajen tacewa. Kowa a kamfanin rumbu yake ce musu. Tsayinsu ya fi gidan bene, ƙasansu a tsuke kamar mazurari, da tsani a jiki da murfi a sama. A ƙarƙashi akwai dogon ƙarfe murɗaɗɗe cikin kwarami, in yana juyawa shi ke janye shinkafar da ke zubowa. Injiniya ya ce ba wanda zai shiga ciki sai da takardar izini daga hannunsa. Na faɗa.

Baffa ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Uwata, tambaye shi, a garinsu akwai rumbu?"

"Baffa, ka bari a gama."

"A'a, tambaya ce. Ni tun kafin in yi kaciya ake jefa ni rumbu in ɗebo dawa. Yau kuma sai na nemi takarda? To wa zai sa hannu, ɓera?"

Rumfar ta ɗauki dariya, har da masu gadi. Wani dattijo ya ce a bar yarinya ta koya musu shiga rumbu, wataƙila gobe ta koya musu riƙe fartanya. Na ji fuskata ta yi zafi. Injiniya bai san me ake faɗa ba, ya jira aka yi shiru, ya ci gaba da karatu. A wannan karon bai tsaya da wuri ba, ya karanta shafin har ƙasa, muryarsa ta sauya.

Ina tuna abin da ya ce, domin daga baya na karanta shi har na haddace. Ya ce wannan ba irin rumbun gida ba ne, daga ƙasa ake zuƙe shi. In ƙarfen ƙasa yana juyawa, shinkafar da kake tsaye a kai tafiya take yi, kafin ka ƙirga biyar ta kai maka gwiwa, daga nan ba ka iya fitar da kanka, in ba a tsayar ba za ta rufe ka. Ya ce in shinkafa mai danshi ta daɗe a ciki samanta yana dunƙulewa ya yi ɓawo, a zuƙe na ƙasa ya bar rami, mai kallo daga sama ya ga kamar daɓe ne. In ta kama mutum zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse shi. Kada a ja shi da ƙarfi, za a ɓalla shi ne kawai. Mai shiga sai an kashe wuta an sa kwaɗo, da ɗamara da igiya a jikinsa, da mutum tsaye a bakin murfi yana kallonsa. A ƙarshe ya ce a kamfanin da ya baro ya taɓa fito da gawar wani da hannunsa, hancinsa da bakinsa cike da hatsi.

Ya tsaya ya dube ni. Su ma suka dube ni, wasu murmushi bai bar fuskarsu ba. Direbobin nan suka sake danna hon.

Na ce, "Ya ce kada a shiga, akwai haɗari. Shi ke nan."

Injiniya ya tambaye ni ko na faɗa duka, don ya ga maganarsa doguwa, tawa gajera. Na ce masa Hausa ba ta da tsawo kamar Turanci. Ƙarya na yi. Haushi nake ji, kuma ina sauri, kuma ban ga yadda zan tsaya gaban sa'o'in ubana in ce musu za a ciro gawarsu da hatsi a baki ba, bayan sun gama yi mini dariya. Na ce a raina ai manya ne, an ce kada su shiga, ya wadatar.

Shafi na huɗu na minti biyu ne. Aka kawo takarda kowa ya dangwala yatsa, shaidar an yi masa bayani ya fahimta. Ni na riƙe wa Baffa tawadar. A ƙasan takardar akwai wajen sa hannun tafinta. Na sa.

Aka ba Baffa aikin shara a ƙasan rumbunan. Kullum in na fito daga ɗakin gwaji sai in hango shi can da tsintsiyarsa, tankunan nan biyu tsaye a kansa. Kwana uku ina ce wa kaina ba komai. A na huɗu, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na same shi a zaure yana gyaran igiyar akuya, na durƙusa na gaishe shi na ce akwai maganar da ban faɗa ba ranar nan.

"Wace ranar?"

"Ranar jawabi. Maganar rumbu. Injiniya ya ce shinkafar tana haɗiye mutum. Ya ce ya taɓa ciro gawa."

Inna, mahaifiyata, tana bayan ƙofa da tsintsiya. Ta leƙo.

"Ke wane irin baki ne da ke? Mutum ya fara aiki sati bai cika ba kina kira masa gawa? Ki ce Allah ya kiyaye."

"Allah ya kiyaye. Amma Inna, haka ya faɗa."

Baffa ya yi dariya ya ce a ƙyale uwarsa, uwa ce, dole ta ji tsoro. Ya ce abinci ba ya cin mai nomansa. Ya miƙo mini gyaɗa soyayya. Da ina da haƙuri da na zauna na yi masa bayanin ƙarfen ƙasa da ɓawon sama, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka karanta. Ba ni da shi. Na karɓi gyaɗar na tashi ina cewa a raina ai na faɗa. Wajen Injiniya ya kamata in je, na sani. Amma hakan na nufin in ce masa ƙarya na yi, sa hannuna kuma yana ƙasan takarda.

A sati na uku aka kawo shanshera daga wata fadama, na auna na ga danshinta ya yi yawa, na rubuta da jan biro. Aka ce a zuba a rumbu na biyu, gobe za a tura ta injin busarwa. Washegari injin busarwar ya lalace, kayan gyaransa kuma sai daga birni. Aka zuƙe kaɗan daga ƙasa aka shanya a fili, sauran ta zauna. Kwana shida tana ciki. In ka bi ta gindin tankin sai ka ji wani wari mai tsami kamar na gasara, in ka dafa ƙarfen da safe da ɗumi. Ni na san me ke faruwa a ciki, domin an karanta mini. Duk sanda na wuce sai in ɗaga kai in dubi murfin. Da kwaɗo a jiki. Sai in ji sanyi, in wuce.

Ranar Alhamis aka gama gyara. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji an tada ƙarfen ƙasa. Daga ɗakina ina jin ƙararsa, kuma na san bambancin kukansa in yana jan shinkafa da in yana juyawa a wofi. Ya ja na ɗan lokaci, sai ya koma kukan wofi. Sai na ji mai kula da injin yana dukan mazurarin da guduma, gwam, gwam, don ta sauko. Ya daɗe yana duka. Sai dukan ya tsaya, ƙarfen bai tsaya ba. Daga baya na ji cewa ya hau ya buɗe murfin ya leƙa, ya ga ta toshe, ya sauko ya tafi ofis kiran Injiniya, bai mayar da kwaɗo ba, bai kashe komai ba.

Ina cikin auna wani buhu na ajiye. Ba zan ce ga abin da ya tashe ni ba. Na fita.

Ba kowa a ƙasan rumbunan. Tsintsiyar Baffa tana jingine da ƙafar tanki. A gindin tsani ga takalmansa na aiki, an jera su kai ɗaya, safa a cuse a ciki, kamar a ƙofar masallaci.

A gidanmu ba a taka abinci da takalmi. Baffa ko rumbun gero zai shiga sai ya cire, ya yi bisimilla. Ina ganin takalman nan na san inda yake.

Ina tsaye kukan ƙarfen ya sauya. Ya daina kukan wofi. Shinkafa ta fara zubowa cikin kwaramin da ƙarfi, baƙa-baƙa, dunƙule-dunƙule.

Jan maɓallin yana jikin ginshiƙi, taku biyar daga inda nake. Na buga shi da tafin hannu har sai da fatar ta fashe. Komai ya tsaya. A cikin shirun na ji murya daga cikin ƙarfen, can sama, ba ta da ƙarfi, tana salati.

Injiniya ya iso da gudu tare da mai kula da injin. Ya dubi takalman, ya dube ni. Ya rufe ƙofar mazurarin, ya kashe makunnin ya maƙala kwaɗonsa, ya sa aka buga wa asibiti waya, ya ɗaura ɗamara. Ya ce in biyo shi sama, yana bukatar bakina. Ban taɓa hawa tsanin nan ba. Na cusa hijabina cikin rigar aiki na hau, ban dubi ƙasa ba.

Daga bakin murfi, da hasken tocila, na gan shi. Ɓawon ya fashe a tsakiya ya rufta, Baffa yana cikin kwarin, shinkafa ta kai masa ƙirji. Hannunsa ɗaya a waje, har yanzu yana riƙe da gorar da ya shiga da ita don ya zungure ta. Hularsa tana gefe a kife. Zafi da tsami suna fitowa ta murfin kamar an buɗe tukunya.

"Uwata," ya ce. "Ke ce?"

"Ni ce. Kada ka motsa."

"Ta riƙe ni."

"Na sani. Ka yi shiru."

Ma'aikata sun taru a ƙasa, huɗu sun hau saman tare da mu. Ɗaya ya ce a jefa masa igiya a taru a finciko shi, wani daga ƙasa ya ce a buɗe mazurarin shinkafar ta zube. Injiniya yana magana, ni ina juyawa, a wannan karon kalma bayan kalma. Kada a buɗe ƙasa, za ta tafi da shi. Kada a ja, ƙugunsa zai rabu kafin ta sake shi. Igiya ta riƙe shi ce kada ya ƙara nitsewa. Kada kowa ya doki tankin, sauran ɓawon da ke jikin bango zai zubo masa. Shafi na uku kenan, ina faɗarsa a saman tanki, sati uku bayan lokacinsa. Ba wanda ya yi dariya.

Sai da aka bar murfin a buɗe aka sa fanka tana tura iska ciki, sannan aka zura Injiniya da igiya, mutum biyu suna riƙe. Aka miƙa masa katako ya shimfiɗa ya tsaya a kai. Ya ɗaura wa Baffa igiya a ƙarƙashin hammata. Aka yanko fallayen kwanon rufi yadda za su shiga ta murfin, ya kafa su kewaye da shi kamar ana gina bakin rijiya, yana danna su cikin shinkafar. Sannan ya fara kwashe ta ciki da kwanon cin abinci, yana zubarwa bayan fallayen. Kwano ɗaya bayan ɗaya. Aka kira azahar yana kwasa.

Yana faɗa ina miƙawa. Ki ce masa ya yi numfashi a hankali. Ki ce masa ya saki gorar. Baffa bai saki ba sai da na faɗa sau uku, na ƙarshe da tsawa, irin wadda ban taɓa yi masa ba.

"Kin ga halin naki," ya ce, yana haki. "Haka tsohuwa take."

Can kuma, da shinkafar ta sauka zuwa cibiyarsa, ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Na faɗa wa Injiniya. Ya ci gaba da kwasa. Sai da ta sauka ƙasa da gwiwa sannan ya yarda a ɗaga shi. La'asar ta kusa. Ƙafafun sun yi fari fat, duk jikinsu shatar ƙwayar shinkafa.

Kwana tara ya yi a asibiti a birni. Ya tashi, amma ƙafar hagu har yau jan ta yake yi, kuma bai koma kamfanin ba.

Washegarin abin Injiniya ya kira ni ofis. Takardar dangwalen tana kan tebur, ya sa yatsa a kan na Baffa. Ya ce mutumin nan an yi masa bayani, ya shaida ya fahimta, ya kuma shiga, yana so ya gane dalili. Na ce ba a yi masa ba. Na faɗa masa abin da ya karanta da abin da na faɗa, jimla ɗaya. Na ɗauka kora ta zai yi, kuma da ya yi ba zan ce komai ba. Sai ya turo mini shafukan nan huɗu ya ce in rubuta su da Hausa a takarda, mai kula da sito ya mayar masa da su Turanci da baki yana bi da yatsa, layi bayan layi. Daga ranar karantawa ake yi, ba a faɗa da ka. Murfin rumbu kuma makullinsa ya koma aljihun Injiniya shi kaɗai.

Baffa na gaya wa a zaure, bayan an sallamo shi, ƙafar tana miƙe a kan matashi. Na ce shafi guda na tsallake saboda sun yi mini dariya. Ya murza gemu.

"Ko kin karanta da na shiga," ya ce. "Na ga yaron nan yana ta dukan ƙarfe, abin da gora ɗaya za ta yi."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko sauƙi yake nema mini. Ban sake tambayarsa ba.

Da kaka ta zagayo aka ɗauki wasu sababbin. Mai kula da sito ya ce tunda rubutuna ne ni zan karanta. Na karanta shafi na uku har ƙasa, da gwiwa, da ɓawo, da gawar da hatsi a baki, ban ɗaga kai ba sai da na kai aya. Aka yi ta Allah ya kiyaye. Sai wani dattijo daga layin baya, mai furfura a gemu, ya ce da na kusa da shi, ba da ƙarfi ba amma na ji, wai shi tun yana yaro ake jefa shi rumbu. Mutum biyu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na riƙe masa tawada ya dangwala. Na dubi fuskarsa sosai don in gane ta, sannan na dubi takalmansa. Aikin shara aka ba shi.